Iyakar Gani da Haske da Abin da Ilektaron Ya Buɗe: Nazari Kan Jar Ƙwayar Jini Mai Ɗauke da Cutar Maleriya

Tsakure

Wannan takarda ta duba dalilin da ya sa madubin ilektaron yake rarrabe abubuwan da madubin likita mai aiki da haske ba ya iya rarrabewa, da kuma bambancin da ke tsakanin nau'o'insa biyu, mai ratsawa da mai lalube. An gina bayanin a kan misali guda, wato jar ƙwayar jinin da ƙwayar cutar maleriya ta shiga, irin wadda ma'aikacin ɗakin gwaji yake gani kullum a garuruwa irin su Mashi. Matsayin takardar shi ne, gajartar igiyar ilektaron ita ce tushen fifikon, amma ba ita ke yanke iyakar ƙarshe ba. Iyakar tana tashi daga kan igiya ta koma kan tabarau da kan samfurin da ake dubawa.

Abin da ake gani da abin da ba a gani

Bari mu fara daga teburin gwajin jini. Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da damina ta kankama a Mashi da sauran garuruwan shiyyar Daura, ɗakunan gwaji kan cika da gilasan jinin yara masu zazzaɓi. Ana shafa jinin a gilashi, a rina shi da rinin Giemsa, a ɗiga mai, sannan a sauko da tabarau mai lamba 100. Jar ƙwayar jini, wadda faɗinta bai wuce maikiromita 7 zuwa 8 ba, tana fitowa fes. A cikinta ana ganin ƙwayar cutar *Plasmodium falciparum* a siffar ɗan zobe mai shuɗi da ɗigon ja, faɗinsa kamar maikiromita 1 zuwa 2. Duk wanda ya daɗe a kan wannan aiki ya san wani abu mai ɗaure kai: zobba kusan su kaɗai ake gani, sai jefi-jefi matakin jinsi mai siffar jinjirin wata. Ƙwayar cutar tana yin awa 48 tana girma a cikin jar ƙwayar jini, amma matakanta na girma, waɗanda suka cika ciki, da wuya su bayyana a jinin yatsa. Ina suke shiga?

Suna maƙalewa ne a bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da hanji da mabiyiya, don kada jini ya kai su saifa ta tace su. Wannan maƙalewa tana cikin abubuwan da ke kawo maleriyar da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wadda iyaye suke gani da taune-taune da fita hayyaci. Abin da ke taimaka wa maƙalewar wasu ƙananan ƙululai ne da ke tsirowa a fatar jar ƙwayar jinin, faɗin kowanne kamar nanomita 100 ko ƙasa da haka. Ba a taɓa ganin su ta madubin likita ba. A shekarar 1966 ne William Trager da Maria Rudzinska da Phyllis Bradbury suka bayyana su da madubin ilektaron, kuma a 1971 Sarah Luse da Louis Miller suka nuna cewa a kan waɗannan ƙululai ne ƙwayar jinin take haɗuwa da bangon jijiya. Tambayar takardar nan ke nan a taƙaice: me ya hana madubi mai kyau, a hannun gwani, ganin abu mai nanomita 100?

Iyakar Abbe

Amsar da ɗalibai suka fi bayarwa ita ce, madubin ilektaron ya fi girmama hoto. Wannan amsa ta ɗauki sakamako ta mai da shi dalili. Girmama hoto abu ne mai sauƙi. Wanda ya kara wayarsa a bakin madubi ya ɗauki hoto, yana iya buɗa shi da yatsu har zobe guda ya cika fuskar wayar, amma ba zai ga wani sabon abu ba, sai dishi-dishi da ya ƙara faɗi. Abin da ake nema shi ne ƙarfin rarrabewa, wato mafi ƙanƙantar tazara tsakanin ɗigo biyu da za a gan su a matsayin biyu, ba su narke sun zama ɗaya ba.

Ernst Abbe, wanda ya yi aiki da Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, shi ya fitar da iyakar a 1873. Haske igiya ne, kuma igiya ba ta ɗaukar labarin abin da ya fi ta ƙanƙanta sosai. Wanda ya jefa tsakuwa a tafki zai ga igiyar ruwa ta karye ta bar alama idan ta gamu da dutse, amma ta wuce siririn kara kamar babu shi, ta yadda mai kallo daga gaɓa ba zai san akwai kara ba. Abbe ya ƙara da bayani mai zurfi. Idan haske ya ratsa abu mai ƙananan zane-zane, yana watsuwa gefe da gefe, kuma gwargwadon ƙanƙantar zanen, gwargwadon faɗin kusurwar watsuwar. Hoto ba ya haɗuwa sai tabarau ya kamo wannan hasken da ya watsu ya sake tara shi. Idan zanen ya yi ƙanƙanta har hasken ya watsu waje da bakin tabarau, to labarinsa ya ɓata tun kafin ya shiga madubi, kuma babu girmamawar da za ta dawo da shi. Lissafin shi ne:

```
d = λ / (2 × NA)
NA = n × sin θ
```

A nan `d` ita ce tazarar da ake iya rarrabewa, `λ` tsawon igiyar haske daga tozo zuwa tozo, `θ` rabin kusurwar da tabarau yake kamowa, `n` kuma ma'aunin yadda abin da ke tsakanin gilashi da tabarau yake karya haske. Lambar `NA` tana rubuce a jikin kowane tabarau, kuma a yawancin madubai na ɗakin gwaji za a ga `100x/1.25`. Man da ake ɗigawa yana da `n` kusan 1.5, iska kuwa 1 ce, don haka mai ba ado ba ne: shi ke bai wa hasken da ya watsu sosai damar shiga tabarau. Idan muka ɗauki koren haske mai nanomita 550, muka raba da 2.5, za mu sami nanomita 220. Ko da an koma shuɗin haske da tabarau mafi tsada mai lamba 1.4, ba a sauka ƙasa da nanomita 150 zuwa 200 ba. Ƙululai biyu masu nanomita 100 da ke kusa da juna sun faɗa ƙarƙashin wannan iyaka, sai fatar ƙwayar jinin ta fito sumul.

Daga nan ne ma aka sami dalilin tsayar da madubin likita a ninki 1,000. Idon mutum yana rarrabe tazarar kusan milimita 0.2. Nanomita 200 sau 1,000 ya ba da milimita 0.2 daidai. Abin da madubi ya iya kamowa ya riga ya iso ga ido a wannan mataki, kuma duk ƙarin da aka yi bayansa fanko ne. Ya kamata a lura cewa wannan iyaka ba gazawar maƙera ba ce. Tun kafin ƙarshen ƙarni na 19 masu yin tabarau suka kusa cimma abin da lissafi ya halatta. Tunda `sin θ` ba ya wuce 1, kuma `n` na mai ba ya nisa da 1.5, ƙofa ɗaya ta rage, ita ce a rage `λ`.

Igiyar ilektaron

A 1924 Louis de Broglie ya kawo ra'ayin cewa duk ƙwayar da ke tafiya tana da ɗabi'ar igiya, kuma tsawon igiyar yana raguwa idan ƙarfin tafiyarta ya ƙaru. Gwajin Davisson da Germer na 1927 ya tabbatar da haka ga ilektaron. A 1926 Hans Busch ya nuna cewa naɗin waya mai ɗauke da lantarki yana iya tattara ilektaron da maganaɗisu kamar yadda gilashi yake tattara haske. Max Knoll da Ernst Ruska suka haɗa madubin farko a Berlin a 1931, a 1933 Ruska ya zarce iyakar madubin haske, kamfanin Siemens kuma ya fara sayar da na'urar a 1939. Ruska bai sami kyautar Nobel a kan wannan aiki ba sai 1986.

Idan aka ingiza ilektaron da ƙarfin lantarki na `V` bolt, tsawon igiyarsa a nanomita kusan haka yake:

```
λ ≈ 1.23 / √V
```

A bolt 100,000 lissafin ya ba da 0.0039, kuma da yake ilektaron a wannan ƙarfi ya wuce rabin gudun haske, gyaran da ka'idar Einstein ta wajabta ya sauko da shi zuwa nanomita 0.0037. A kwatanta da 550 na koren haske, igiyar ta gajarta kusan sau 150,000. Wannan shi ne asalin fifikon, kuma duk bayanin da ya tsallake shi bai faɗi komai ba.

Sai dai akwai giɓin da littattafan makaranta suke yawan tsallakewa, kuma a ganina shi ne wurin da fahimta take. Da igiya kaɗai ke yanke hukunci, da madubin ilektaron ya rarrabe nanomita 0.002. A aikace, madubi mai ratsawa na gama-gari yana tsayawa a nanomita 0.2 zuwa 0.3, wato ya fi na haske kusan sau 1,000 ne kawai. Ina sauran ribar ta tafi? Ta tafi a tabarau. Tabarau na maganaɗisu yana lanƙwasa ilektaron da ya bi ta gefensa fiye da wanda ya bi ta tsakiya, don haka ba sa haɗuwa a ɗigo ɗaya. Gilashi ma yana da wannan aibi, amma ana gyara shi ta hanyar haɗa gilashi mai tudu da mai kwari, aibin wannan ya kashe na wancan. Otto Scherzer ya tabbatar a 1936 cewa a tabarau na ilektaron mai siffar da'ira aibin kullum ɓangare ɗaya yake karkata, ba a samun kishiyar da za ta soke shi. Kuma dishi-dishin yana ƙaruwa da sauri ƙwarai: idan aka ninka kusurwa sau biyu, ya ninku sau takwas. Dole aka sa ɗan faifan ƙarfe mai ƙaramin rami ya tare ilektaron na gefe, aka bar kusurwar kusan rabin digiri kawai, alhali tabarau mai lamba 1.25 yana kamo kusan digiri 55 a kowane gefe. A lissafin Abbe, rabin digiri yana nufin `NA` ta kusan 0.01. Idan aka raba 0.0037 da 0.02 za a sami kusan nanomita 0.2. Ashe dokar ɗaya ce ke mulkin madubai biyun. Madubin haske yana da tabarau nagari da doguwar igiya, na ilektaron yana da tabarau mai rauni da igiyar da gajartarta ta biya bashin raunin har da saura mai yawa. A ƙarshen shekarun 1990 Harald Rose da Maximilian Haider da Knut Urban suka yi nasarar gyara aibin da maganaɗisai masu ƙafafu da yawa waɗanda ba da'ira ba, kuma madubai na wannan aji yanzu suna sauka ƙasa da nanomita 0.1.

Madubi mai ratsawa

Nau'in farko, wanda ake rubuta sunansa a taƙaice da TEM, tsarinsa irin na madubin likita ne: ilektaron ya fito daga sama, ya ratsa samfur, tabarau ya haɗa hoto a ƙasa. Wurin da ya watsa ilektaron da yawa ya fito baƙi, wurin da ya bar su suka wuce ya fito fari. Amma ilektaron yana da caji, kuma yana karo da duk abin da ya tarar. Saboda haka dole a zuƙe iskar da ke cikin bututun na'urar, kuma dole samfurin ya zama siriri matuƙa. Jar ƙwayar jini mai kaurin maikiromita 2 ta yi masa kauri nesa ba kusa ba.

Ga yadda aikin yake ga ƙwayarmu. Da yake matakan da ke da ƙululai ba sa yawo a jinin yatsa, ana fara renon jinin a ɗakin gwaji na kusan kwana guda don zobba su girma, bisa hanyar da Trager da James Jensen suka samar a 1976. Sai a daskarar da tsarin ƙwayoyin da sinadarin gulutaraldehayid mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari, a bi shi da sinadarin osmiyom mai kashi 1 cikin ɗari, wanda yake kama kitsen fatar ƙwaya ya kuma ba ta nauyi. Ana janye ruwa a hankali da itanol, daga mai rauni zuwa tsantsa, sannan a dulmiya ƙwayoyin cikin ƙaro na roba a gasa shi ya taurare. Daga wannan dunƙule ake yanko sala-sala da wuƙar gilashi ko ta daimon, kaurin kowace sala nanomita 60 zuwa 80. Salar tana yawo a kan ruwa a bakin wuƙar, kuma mai yanka yana gane kaurinta daga launinta: mai kalar azurfa ta yi daidai, mai kalar zinariya ta ɗan yi kauri, mai shunayya ta wuce. Ana kwashe ta a kan ragar jan ƙarfe mai faɗin milimita 3, a rina da gishirin yuraniyom da na dalma. Wannan rini dole ne, domin kabon da oksijin da naitirojin da jiki ya ƙunsa ba su da nauyin da za su watsa ilektaron sosai, kuma robar da aka zuba ma kusan irinsu ce.

A hoton da ya fito, ƙululun yana bayyana daga gefe: fatar ƙwayar jini ta ɗan tasa, a ƙarƙashinta kuma akwai wani baƙin faifai mai kauri. Bincike daga baya ya nuna cewa furotin ɗin da ƙwayar cutar take ƙerawa, mai suna KAHRP, shi ne ginshiƙin wannan faifai, kuma a kansa ne furotin mai maƙalewa, PfEMP1, yake tsayawa. Har ɗige-ɗigen Maurer, waɗanda madubin likita yake nunawa a matsayin jajayen tabo marasa siffa, a nan suna fitowa a ainihinsu, wato jakunkunan fata shimfiɗaɗɗu a cikin jar ƙwayar jinin. To amma mene ne ƙarfin rarrabewa a irin wannan hoto? Ba 0.2 ba ne. A salar jiki da aka rina, nanomita 1 zuwa 2 ake samu, domin abin da ake gani shi ne inda ƙarfen rini ya zauna, kuma duk abin da ke cikin kaurin salar an danne shi a hoto guda. Iyakar ta sake ƙaura, daga tabarau zuwa samfur. Haka kuma sala guda mai nanomita 70 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce na faɗin ƙwayar. Wanda ya ƙirga ƙululai shida a gefen sala bai san adadin da ke jikin ƙwayar ba.

Madubi mai lalube

Nau'i na biyu, SEM, ba ya haɗa hoto da tabarau ko kaɗan, kuma wannan shi ne bambancin da ya fi kowanne. Manfred von Ardenne ya gwada tsarin a ƙarshen shekarun 1930, Charles Oatley da ɗalibansa a Jami'ar Cambridge suka raine shi daga 1948, aka fara sayar da shi a 1965. Aikin tabarau a nan shi ne matse ilektaron su zama tsini ɗaya siriri. Tsinin yana bin fuskar samfur ɗigo bayan ɗigo, layi bayan layi, da ƙarfin bolt 1,000 zuwa 30,000. A kowane ɗigo, dukan da ya yi yana fizgo wasu ilektaron marasa ƙarfi daga samfurin, na'urar da ke gefe ta ƙirga su, a rubuta adadin a matsayin hasken wannan ɗigo a allo. Girmamawa kuwa rabo ce kawai: idan tsinin ya bi layi mai maikiromita 10 aka baje shi a allo mai santimita 20, an ninka sau 20,000.

Waɗannan ilektaron marasa ƙarfi ba sa iya tserewa sai daga 'yan nanomitocin saman samfur. Tudu da gefe da gangara suna ba su ƙofar fita fiye da shimfiɗaɗɗen wuri, shi ya sa ƙululai suke fitowa da haske a kan fata mai duhu, hoton ya yi kamar an haska shi daga gefe. Ƙaramar kusurwar nan da ta rage wa ilektaron riba, a nan ta zama alheri, domin tsini siriri yana zama da kaifi a sama da ƙasa. A madubin likita mai mai, da an motsa kaɗan da rabin maikiromita hoto ya gushe, amma a nan ƙwayar jini dukanta tana fitowa da kaifi daga tozo har gindi. Ba a yanka samfurin. Ana daskarar da shi, a busar da shi a cikin iskar kabon mai ruwa-ruwa da aka kai zafin digiri 31 a ƙarƙashin matsi mai yawa, don kada jan da ruwa yake yi wajen bushewa ya mokaɗe shi, sannan a feshe shi da zinariya mai kaurin nanomita 5 zuwa 10 don caji ya sami hanyar wucewa.

Me ya sa mai lalube bai kai mai ratsawa rarrabewa ba? Wasu suna cewa don ƙarfin lantarkinsa kaɗan ne, igiyarsa ta fi tsawo. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. A bolt 10,000 tsawon igiyar nanomita 0.012 ne, ƙasa sosai da nanomita 1 da manyan na'urorin wannan nau'i suke kaiwa, balle ƙananan na kan tebur da ke tsayawa a wajen nanomita 10 ko fiye. Abubuwa biyu ne ke iyakance shi. Na farko faɗin tsinin: idan aka matse shi sosai ilektaron ɗin da ke cikinsa sun ragu, hoto ya cika da yayyafi. Na biyu, da tsinin ya shiga samfur mai kauri sai ya bazu a ciki, a abu marar nauyi har zurfin maikiromita da dama idan ƙarfin ya kai bolt 20,000, kuma saƙon da ke dawowa daga wannan fili yana gauraya da na ɗigon da ake nufi. A mai ratsawa, sirantar sala ba ta ba ilektaron damar bazuwa haka. Saboda wannan, ƙara ƙarfin lantarki a kan ƙwayar jini yakan dusashe ƙululai maimakon ya fito da su, kuma gwanaye suna saukowa ne zuwa bolt 5,000 ko ƙasa. Zinariyar da aka fesa ita ma tana da nata haraji: nanomita 10 a kowane gefe na ƙululu mai nanomita 100 ya ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar na faɗi.

Idan tambayar ita ce ƙululai nawa ne a jikin ƙwaya, yaya suka bazu, kuma ko suna ƙaruwa yayin da ƙwayar cuta take girma, mai lalube ne ke amsawa. Idan tambayar ita ce me ke ƙarƙashin ƙululun, ko yaya yake haɗuwa da bangon jijiya, sai mai ratsawa. Jera su a matsayin babba da ƙarami kuskure ne, domin mai ratsawa da duk kaifinsa ba ya iya ƙirga abin da mai lalube yake ƙirgawa a hoto guda.

Ƙorafe-ƙorafe

Za a iya cewa, abin da ya sha guba, aka janye masa ruwa, aka zuba masa roba ko zinariya, ta yaya za a yarda cewa siffarsa ta gaskiya ake gani? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma kurakuran sanannu ne. Bushewa tana tsuke ƙwayoyi. Ruwan daskarwa da gishirinsa bai daidaita ba yana sa jar ƙwayar jini ta fito da ƙayoyi, wanda bai ƙware ba ya ɗauka ƙululai ne. Ana gane bambancin ta hanya mai sauƙi: ƙayoyin sun fi girma nesa, har madubin likita yana ganin su, kuma suna fitowa a kan ƙwayoyin da cuta ba ta shiga ba. Ƙululan gaskiya suna kan masu cuta kaɗai, lafiyayyar ƙwayar da ke kusa tana nan sumul duk da ta sha wahala iri ɗaya. Caji da ya taru a inda zinariya ba ta rufe ba yana jawo fararen layuka a kwance, waɗanda suke sauyawa idan aka sauya saurin lalube. Zazzagar wuƙa tana barin layuka masu tazara ɗaya da suke ratsa ƙwaya da roba baki ɗaya. Hujja mafi ƙarfi ita ce hanyoyi biyu masu shiri daban, yanka da fesawa, sun nuna abu ɗaya a wuri ɗaya, sannan da aka cire ƙwayar halittar KAHRP daga ƙwayar cutar a 1997, ƙululan suka ɓace, maƙalewar kuma ta yi rauni a cikin jini mai gudu. Abin da sinadari ya ƙirƙira ba zai ɓace don an cire ƙwayar halitta ba. Hanyar daskarwa da sanyi nan take, wadda ta kai Jacques Dubochet da Joachim Frank da Richard Henderson ga kyautar Nobel a 2017, ta ƙara rage dogaro da rini da roba.

Ƙorafi na biyu shi ne, ai an riga an karya iyakar Abbe da haske, tunda Eric Betzig da Stefan Hell da William Moerner sun karɓi Nobel a 2014 a kan haka. Gaskiya ne waɗannan hanyoyi suna kaiwa nanomita 20 zuwa 50. Amma ba su gajarta igiyar haske ba. Suna liƙa wa furotin alama mai ƙyalli, su sa alamomin da ke maƙwabtaka su haska a lokuta daban, sai a gano matsayin kowanne shi kaɗai. Abin da aka sa wa alama kawai ake gani. Trager da abokan aikinsa ba su san akwai ƙululai ba balle su sa musu alama, madubin ilektaron ne ya nuna musu abin da ba su nema ba.

Na uku ya fi kusa da mu. Idan madubin ilektaron ya fi kaifi sau 1,000, me zai hana a nemi asibitocinmu su koma gare shi? Dalilin bai tsaya ga tsada da wutar lantarki marar yankewa da ruwan sanyaya na'ura da ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga, ko da yake kowannensu babban sharaɗi ne. Ko da an samar da su duka, na'urar ba ta dace da aikin ba. Gano cuta yana buƙatar duba jini mai yawa cikin hanzari. A shafi mai kauri, ma'aikaci yana bin fili 100 ko fiye kafin ya ce babu cuta, kuma wanda ya iya aikinsa yana kama ƙwayoyin cuta 50 zuwa 100 a maikirolita guda na jini, a ba da sakamako cikin awa ɗaya. Shirin salar mai ratsawa yana cin kwanaki, kuma jinin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Zobe mai maikiromita 1 ya ninka iyakar Abbe kusan sau biyar, kuma launin Giemsa, shuɗi da ja, wanda ilektaron ba ya gani sam, shi ne ke raba ƙwayar cuta da datti.

Saboda haka abin da ɗakin gwaji a Mashi yake buƙata shi ne ya kai ga nanomita 220 ɗin da lissafi ya ba shi, domin madubai da yawa ba sa kaiwa. Man da ba na madubi ba, da tabarau da mai ya bushe a kansa, da matattarar haske da aka saukar ƙasa ko aka tsuke bakinta, duk suna rage `NA` a aikace, kuma abin da aka rage daga `NA` an rage shi ne daga rarrabewa kai tsaye. Ga jami'o'inmu kuwa, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kirana ga masu duba ayyukan ɗalibai shi ne kada su karɓi hoton madubin ilektaron da babu sandar ma'auni a jikinsa, da ƙarfin lantarkin da aka yi aiki da shi, da kaurin abin da aka fesa, da kuma hoton lafiyayyar ƙwaya da ta bi shiri iri ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta ninki 20,000 kawai bai gaya mana abin da na'urarsa ta rarrabe ba, kuma bai kamata a gina hukunci a kan hotonsa ba.